Gora uku da gwangwanin madara: darasin ƙasa a firamaren da ba ta da ɗakin gwaji

A darasin kimiyya na azuzuwan tsakiyar firamare akwai batun ire-iren ƙasa, kuma kusan ko'ina hanya ɗaya ake bi da shi. Malam zai rubuta a allo cewa ƙasa iri uku ce: yashi, laka da ƙasar noma. Yashi ba ya riƙe ruwa, laka tana riƙewa da yawa, ƙasar noma tana tsaka-tsaki. Yara su maimaita da ƙarfi har sai ajin da ke maƙwabtaka ya ji, su kwafa a littafi, a buga ƙararrawa. Abin ban takaicin shi ne yawancin yaran nan 'ya'yan manoma ne. Yaron Kura ya san inda ake dasa shinkafa da inda ba a dasawa. Yarinyar Gumel ta san gero da gyaɗa sun fi son jigawa. A ranar darasin ma ƙafafunsu cike suke da ƙurar abin da ake karanta musu, amma ba wanda ya ce su taɓa shi.

In ka tambayi dalili, amsar ba ta wuce "ba mu da kayan aiki" ba. Gaskiya ne babu mazurarin gilashi, babu takardar tacewa, babu kofin awo mai lambobi. Sai dai wannan darasi yana cikin waɗanda shara da bakin kasuwa suka riga suka tanadar wa kaya. Tunanin ma ba sabo ba ne. Tun a 1956 UNESCO ta fitar da littafin jagora ga malaman kimiyya wanda yawancinsa bayani ne kan haɗa kayan gwaji daga abin da ke hannu. A 1965 kuma, a birnin Kano aka yi taron da ya haifar da shirin koyar da kimiyya a makarantun firamare na ƙasashen Afirka, wanda ginshiƙinsa shi ne yaro ya koya da abin da ke kewaye da shi. Daga baya shirin horar da malaman lissafi da kimiyya da aka fara da taimakon Japan a 2006, a jihohin Kaduna, Neja da Filato, ya sake ɗaga wannan magana. Duk wanda ya yi kwalejin horar da malamai ya ji ta har ya gaji.

To me ya sa ba a yi? A ganina, ba rashin gora ba ne. Malamai da yawa sun taɓa gwadawa, abin ya ba su kunya a gaban yara: laka ta zubar da ruwa fiye da yashi, ko ruwan ya ƙi sauka gaba ɗaya har lokaci ya ƙare. Daga ranar sai su koma allo. Yanka gora aikin minti biyar ne. Abin da ke da wuya, wanda kuma ba a cika koyarwa ba, shi ne a mayar da gorar abin awo na gaskiya, a kuma yi wa ƙasashen uku adalci a gwajin.

Abin da za a tara

Ana buƙatar manyan gorunan ruwa na roba masu cin lita ɗaya da rabi guda uku, kuma su zama na kamfani ɗaya, siffa ɗaya. Wannan sharaɗi ba ado ba ne. In wuyan wata ya fi na wata faɗi, kaurin ƙasar da ke ciki zai bambanta, sakamakon ma ya bambanta. Sai ƙaramar gora mai rabin lita wadda jikinta yake miƙe, gwangwanin madara ƙarami wanda aka yanke samansa aka daddanne bakin don kada ya yanki yaro, ƙyallen tsohuwar atamfa da ta sha wanki, robar ɗaure kuɗi ko zare, da sirinji sabo mai cin mililita 10 ko 20, ba tare da allura ba. Sirinjin ne kaɗai za a saya a kemis, kuma sabo za a saya. Kada a ce yara su tsinto shi, domin inda za su je nema shi ne bayan asibiti. In ba a samu ba, ɗan kofin da ke zuwa a kan kwalbar maganin yara na ruwa yana da alamar mililita 5 da 10, a wanke shi a yi amfani da shi.

Yankan babbar gora yana da ƙa'ida. A yanke ta a wajen kashi ɗaya cikin uku daga sama. Ɓangaren sama, in aka cire murfin aka kifa shi, ya zama mazurari. Ɓangaren ƙasa ya zama matari. Masu yanka gora a tsakiya, ko masu amfani da ƙananan goruna, sukan gamu da matsala ɗaya: bakin mazurarin yana nutsewa cikin ruwan da ya taru, sai ɗigar ta tsaya, a ɗauka ƙasar ce ta riƙe ruwan. Dole a bar tazara tsakanin bakin da gindin matarin. Malam ne zai yi yankan da kansa, a gida ko a ofis, da reza ko wuƙa mai kaifi. In ya ga gefen yana da kaifi, ya goga shi a kan dutse ko siminti.

A bakin kowane mazurari a ɗaura ƙyalle ninki ɗaya, daga zane ɗaya aka yanko duka ukun. Wasu sukan cusa auduga a wuyan gorar, amma hannu ba ya cusa auduga daidai sau uku. Wata za ta matse, wata ta yi sako-sako, a ƙarshe auduga ake gwadawa, ba ƙasa ba. Kafin darasi a jiƙa ƙyallen a matse, don kada ya sha daga ruwan da aka auna. Akwai kuma wani ƙaramin abu da ke hana ruwa sauka: in mazurarin ya zauna daram a bakin matarin har iska ba ta samun hanyar fita. Maganinsa a saƙala tsinken tsintsiya tsakanin su biyun, ko a huda matarin ta sama da ƙusa mai zafi.

Kofin awo

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ya fi kyau a sa yara su yi da hannunsu, ko da zai ci darasi guda cur. A yanke saman ƙaramar gorar, a manna dogon tef na takarda a jikinta daga ƙasa zuwa sama. In babu tef, a kankare alamar da ƙusa a bi ta da biro. Sai a ɗebo ruwa mililita 20 da sirinji a zuba, a ajiye gorar a kan tebur mai daidaito, a durƙusa har ido ya yi daidai da saman ruwan, a ja layi. A ƙara 20, a ja layi. Haka har a kai 200.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba 20 na farko, a auna tsawonsa da rula, sannan a jera sauran layukan da wannan tazarar don saurin gamawa. Gindin gorar roba ba shafaffe ba ne, yana da tudu da kwari, jikinta ma yana da zobba. Saboda haka tazarar layukan ba za ta zo ɗaya ba, kuma daidai ke nan. Kofin da layukansa suka jeru cif kamar na rula daga gindi, ƙarya yake yi.

Dalilin zaɓen ƙaramar gora maimakon a yi layukan a jikin babban matarin shi ne faɗi. A gorar da faɗinta ya kai santimita 9, ruwa mililita 20 yakan tashi kamar milimita 3 kawai, kusan kaurin layin da maka ke ja. A mai faɗin santimita 6 kuwa yakan tashi kamar milimita 7, yaro yana iya gani ya karanta. Duk yadda kofin awo ya fi siranta, ya fi faɗin gaskiya. Don haka ruwan da ya taru a matari juye shi za a yi cikin kofin a karanta.

Ledar fiya wata, wadda aka rubuta wa rabin lita, tana da amfani wajen nuna wa yara girman mililita 500 a ido. Amma kada a dogara da ita wajen awo, domin cikar ledojin ba ta zuwa daidai.

Ɗebo ƙasar

Yashi a ɗebo shi daga rafi ko inda ake buga bulo, a wanke shi sau biyu ko uku har ruwan wankin ya yi haske, sannan a shanya. Yashin bakin hanya gauraye yake da turɓaya, ba zai nuna halin yashi sosai ba. Laka a nemo ta a fadama, ko gefen kududdufi, ko a roƙi masu ginin tukwane su ɗan sammaka yumɓu tun ba su gauraya shi da komai ba. Ƙasar noma kuwa a ɗebo ta lambu ko gonar da ta ci taki, daga saman da bai wuce zurfin tafin hannu ba, bayan an share ganye.

Ba ko'ina ake ɗiba ba. Ban da juji, ban da bakin kwata, ban da kusa da masai. A yankunan da ake haƙar zinariya kuma a yi nesa da duk inda ake daka ko niƙa dutse. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma daga ƙurar dutsen zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ta cikin ƙasar tsakar gida ta shiga jikinsu. Ko'ina ne dai, a tanadi ruwa da sabulu don wanke hannu bayan darasi.

Ukun duka sai sun bushe ƙayau. Da rani kwana ɗaya ko biyu a rana ya isa yashi, laka kuwa takan ɗauki fiye da haka domin cikin curinta yana daɗewa da danshi. Da damina sai a baza su a kan buhu a cikin ofis a yi haƙuri. Ƙasar da ta zo da ruwanta ba za ta sha sabo da yawa ba, sai ta fito a lissafi kamar marar riƙo. Bayan bushewa a farfasa lakar da tabarya ko dutse, a tankaɗe kowace ƙasa da rariya mai manyan idanu don fitar da tsakuwa da saiwoyi. Ba a son a niƙe lakar ta koma hoda, domin in ta jiƙe za ta toshe ƙyallen ruwa ya kwana bai sauka ba. Ana son ta yi tsaki-tsaki ƙanana.

Tsallake wannan mataki shi ne ke jawo kunyar da na ambata. In aka zuba laka curi-curi a mazurari, ruwa ba ya shiga cikin curin, sai ya bi ta tsakaninsu ya zube a cikin daƙiƙoƙi. Yara su ga laka ta riga yashi, malam ya rasa ta cewa. Alamar da ake gane wannan ita ce ruwan ya fito da wuri, ya fito da yawa, in kuma aka fasa curi ɗaya bayan an gama sai a tarar cikinsa a bushe.

Ranar gwaji

A cika gwangwanin madara da yashi, a shafe bakin da rula, a juye a mazurari na farko. Haka za a yi wa sauran biyun. Kowane mazurari a ɗan buga shi a tebur sau biyar don ƙasar ta zauna, ba tare da an danna da hannu ba. Sau biyar ɗin ba wani sirri ba ne, abin da ake so kowa ya sami adadi ɗaya. A ɗora guntun takarda ko ganye a saman ƙasar inda ruwan zai sauka, don kada ya haƙa rami. Gwangwanin yana cin kimanin mililita 150, sai a auna ruwa mililita 200 ga kowace ƙasa. Ruwan ya fi ƙasar yawa da gangan. In aka zuba kaɗan, kamar mililita 50, laka za ta shanye duka, ƙasar lambu ma haka, ba abin da zai ɗigo balle a kwatanta.

Kafin a zuba, a tambayi yara wacce suke ganin za ta fara ɗiga, a ƙirga hannaye a rubuta a gefen allo. Yaron da ya riga ya faɗi ra'ayinsa ba ya ɗauke ido daga gorar. Sannan yara uku su zuba a lokaci guda, a hankali, a tsakiya, ba a jikin roba ba. Wani ya riƙe agogon wayar malam. Za a ga kumfa tana tasowa daga ƙasar yayin da ruwa ke shiga. A tsaya a nuna musu, domin iskar da ke zaune a cikin ƙofofin ƙasa ce ruwa yake korowa, kuma da wuya su sake samun hujjar cewa akwai iska a cikin ƙasa da ta fi wannan sauƙi.

Tambayoyi biyu ne a cikin gwajin nan, kuma haɗa su wuri ɗaya ne ke ɓata lissafi. Ta farko: wace ƙasa ce ruwa ya fi saurin ratsawa? Wannan ana samun amsarta nan take, ta hanyar rubuta lokacin da ɗigon farko ya faɗo da lokacin da ruwan saman ya ɓace. Yashi zai gama cikin 'yan mintuna. Ta biyu: wace ƙasa ce ta fi riƙe ruwa? Wannan ba a amsa ta sai ruwan da ke kwance a saman ƙasar ya shige gaba ɗaya, ɗigar ma ta tsaya. Laka tana iya ɗaukar sa'o'i. Malamin da ya auna bayan minti goma sha biyar don lokaci ya ƙure, ya ga mililita 30 kawai a matarin laka, ya rubuta cewa ta riƙe 170, ya yi kuskure babba. Yawancin ruwan yana nan tsaye a sama, bai ma shiga ba. Gwangwani ɗaya na ƙasa ba shi da wurin ajiye ruwan da ya fi shi yawa, kuma yaro mai wayo zai iya lura da haka.

Hanyar da ta fi ita ce a zuba ruwan a darasin farko na safe, a amsa tambayar sauri, a rufe bakin mazuraran da leda don kada iska ta busar, musamman lokacin hunturu, a ajiye su a inuwa. Bayan tara ko kafin tashi a dawo a auna. In lakar mai taurin kai ce, a bar ta sai gobe.

A ce an jira, an juye kowane matari a kofin awo. Na yashi ya ba da mililita 155, na ƙasar lambu 135, na laka 120. Sai yara su ɗebe kowanne daga 200: yashi ya riƙe 45, ƙasar lambu 65, laka 80. Waɗannan lambobi misali ne na irin abin da akan samu, ba abin haddacewa ba, domin ƙasar kowane gari da nata. Amma akwai abin lura a cikinsu. Yashin da littafi ya ce "ba ya riƙe ruwa" ya riƙe fiye da rabin abin da laka ta riƙe. Ba kuskure aka yi ba. A cikin mazurari kaurin ƙasar bai wuce 'yan santimita ba, kuma ƙasan kowace ƙasa da ke zaune a kan ƙyalle yakan zauna jiƙe sharkaf, domin ruwa yana maƙalewa a ƙofofin da ke dab da bakin. A gona, inda yashin ke da zurfi, ruwan yakan ci gaba da tsiyayewa ƙasa. Shi ya sa rairayi mai laushi a cikin gora yakan riƙe ruwa har ya kusa kamo ƙasar lambu. Wanda yake son bambancin ya fito fili ya nemi yashi mai manyan ƙwayoyi.

Wani lokaci kuma ƙasar lambu ce za ta zo ta ɗaya. In ta ci taki sosai, ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi suna shan ruwa su kumbura, har su kamo laka ko su wuce ta. Akasin haka ma yana faruwa: takin da ya bushe ƙwarai yakan ƙi jiƙewa da farko, ruwa ya zame ta gefe ya fice. Ana gane wannan in aka tona saman da tsinke aka ga wurare busassu. In hakan ta faru, a mayar da ruwan da ya taru a sake bi da shi ta cikin ƙasar, amma a yi wa duka ukun haka.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne malam ya ga lambar ta saɓa wa littafi ya goge ta, ya rubuta wadda yake so. Yara suna gani. Abin da za su koya a ranar shi ne awo wasa ne, amsa tana hannun malam tun farko. Gara ya ce, "To, me ya sa tamu ta fito haka?" ya bar su su duba ko ƙasar ta bushe, ko an zubar da ruwa a tebur, ko ƙyallen ya ɓule. A aji mai yara tamanin ko ɗari wannan ma ya fi sauƙi. A raba su rukuni tara, kowane rukuni gora ɗaya, rukuni uku-uku su ɗauki ƙasa iri ɗaya. In masu yashi sun kawo 45, 50 da 90, ba sai malam ya yi magana ba, ajin da kansa zai juya ya dubi masu 90.

Bayanin da ake karkatarwa

In aka zo faɗin dalili, akan ji ana cewa laka tana riƙe ruwa ne don ba ta da ƙofofi. Ba haka ba ne. In da babu ƙofa, ina ruwan zai zauna? A jimlace ma sararin da ke cikin laka yakan fi na yashi yawa. Bambancin yana ga girman ƙofofin. Masana ƙasa suna kiran ƙwaya yashi in faɗinta yana tsakanin milimita 2 da 0.05, suna kiranta laka in bai kai milimita 0.002 ba, wato abin da ido ba ya gani. Tsakanin su akwai wata lallausar ƙasa mai santsi a hannu amma ba ta danƙo, irin wadda kogi ke bari bayan ambaliya. Manyan ƙwayoyi suna barin manyan ƙofofi, ruwa ya wuce abinsa. Ƙananan kuwa ƙofofinsu ƙanana ne masu ɗimbin yawa, ga shi kowace ƙwaya tana da jikin da ruwa zai manne wa.

Ana iya nuna wannan da abin da ke cikin kicin. A cika rariya da goriba a watsa ruwa, sannan a cika ta da gero a watsa daidai wannan ruwan. Goriba za ta jiƙe a baya kawai ruwan ya zube, gero kuwa zai riƙe da yawa tsakanin ƙwayoyinsa.

Yaro mai kaifin kai zai tambaya: in laka ta fi riƙe ruwa, me ya sa ba ita ce ta fi kyau da noma ba? Amsar ita ce wani kaso na ruwan laka ta riƙe shi da ƙarfin da saiwa ba ta iya ƙwacewa, kuma in ta cika da ruwa iska ba ta samun wuri, saiwar yawancin amfanin gona kuwa tana buƙatar iska. Shinkafa tana jure zama cikin ruwa, shi ya sa take fadama. Gyaɗa tana son ƙasa mai sako-sako da za ta soka 'ya'yanta ciki, a kuma cire ta ba wahala. A yankin Tafkin Chadi kuwa manoma suna dasa masakwa a baƙar laka bayan damina ta wuce, ta girma har ta nuna da danshin da ƙasar ta ajiye. Wannan misali ɗaya ya fi shafi guda na bayani nuna abin da ake nufi da riƙe ruwa.

Kwalba ta huɗu

Akwai abin da rabon ƙasa gida uku yake ɓoyewa: ƙasar da ke filin makaranta ba ɗaya daga cikin ukun ba ce, gaurayensu ce. Ana nuna wannan da gora guda mai miƙaƙƙen jiki, ko kwalbar bama da aka wanke. A zuba tankaɗaɗɗiyar ƙasa zuwa kashi ɗaya cikin uku, a ƙara ruwa ya kusa cika, a sa ɗan garin omo kamar abin da yatsu biyu za su ɗauka don ya raba ƙwayoyin da suka manne da juna. A rufe a girgiza sosai na minti biyu ko uku, yara suna karɓa-karɓa, sannan a dire ta a tebur kada a ƙara taɓawa. Bayan minti ɗaya yashi ya kwanta, a ja layi a jikin gorar. Bayan kamar sa'a biyu lallausar ƙasar nan ta tsakiya ta kwanta a kansa, a ja layi na biyu. Laka sai ta kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci ma ruwan ya yi mako bai washe ba. Taki da guntayen ganye suna yawo a sama.

Kada a yi gaggawar sa alam don ruwan ya yi saurin kwanciya, kamar yadda ake yi wa ruwan randa. Alam, da ma garin 'ya'yan zogale, aikinsu tattara ƙananan ƙwayoyi su dunƙule su faɗi tare, sai hawa-hawan da ake son gani su cakuɗe.

Da rula ake karanta wannan. In duka abin da ya kwanta ya kai santimita 6, yashi ya ɗauki huɗu da rabi, to kashi uku cikin huɗu na ƙasar yashi ne, kuma a yawancin filayen jigawa abin da za a gani ke nan ko fiye. Lissafin ba cikakke ba ne, domin lakar da ta kwanta a sama tana kumbure da ruwa, tana nuna ta fi yadda take yawa. Amma ya isa a kwatanta ƙasar filin ƙwallo da ta bakin kududdufi. In aka ce kowane rukuni ya kawo ƙasar gonar gidansu, aka jera gorunan a taga da sunan unguwa a jikin kowace, za a ga waɗanda suka fito daga gefen rafi sun bambanta da na kan tudu. Daga nan sai a ba su ɗan ruwa su kwaɓa kowace a tafin hannu su mulmula. Wadda ta ƙi curuwa yashi ya rinjaye ta, wadda ta yi igiya har aka lanƙwasa ta ba ta karye ba laka ce ta fi yawa. Yaran da suka saba gina shanu da motoci da taɓo sun fi malam iya wannan, sai dai a haɗa musu abin da hannunsu ya sani da layukan da ke jikin gorar.

Bayan an gama, a kwance ƙyallayen a wanke, a ɗauraye gorunan a zura su cikin juna a sa a buhu, a rataye inda rana ba ta bugu, domin roba in ta sha rana takan bushe ta tsage. Kofin awon ya fi komai daraja a cikin kayan, zai sake aiki a darasin lissafi da na auna ruwan sama, sai a lulluɓe layukansa da farin tef mai gani-har-hanji don kada ruwa ya wanke su. Yashi da ƙasar lambu ana shanya su a sake amfani da su. Lakar da ta jiƙe kuwa za ta bushe ta zama dunƙule ɗaya mai tauri, sai an sake farfasa ta an tankaɗe kafin aji na gaba. Wanda yake da ajin A da na B a mako ɗaya, gara ya tanadi gwangwani biyu na laka tun farko.